Kafin A Sauka Jakara: Yadda Ake Rubuta Takardar Auna Haɗari

Ɗalibi ko ma'aikacin lafiya da zai ɗebi ruwan gwaji a rafin Jakara, inda ya ratsa Fagge ya bi gefen Sabon Gari, wajibi ne ya rubuta takardar auna haɗari kafin ya fita. Takardar gida huɗu gare ta: abin da zai iya cutarwa, yiwuwar aukuwarsa, munin illarsa, da matakin kariya. Ana ba yiwuwa maki daga 1 zuwa 5, illa ma haka, sannan a ninka su. Amfanin raba gidajen biyu na tsakiya shi ne, ido yakan ga ruwa iya idon sawu ya raina shi.

Mu ɗauki wanda zai ɗebi ruwa a ƙasan mayankar Abbatuwa a watan Agusta. Ruwan nan yana ɗauke da jini da tumbi da ƙazantar gidaje. In da hannu za a cika kwalba, taɓa shi tabbas ne, maki 5 ke nan. Taifot ko kwalara illa ce babba, a ba ta 4, jimla 20. Ambaliya kuwa ba kullum take zuwa ba, a ba ta 3, amma wanda ta rutsa da shi a cikin magudanar siminti mai santsi da wuya ya samu abin kamawa, don haka illarta 5, jimla 15. Ruwa yana iya sauka a cikin birni alhali inda kake tsaye rana ake ƙwallawa, ambaliya ta iske ka ba zato. Maganin da ya fi ƙarfi shi ne kada a shiga: a zura guga da igiya daga kan gada. Safar hannu, rambut, da sabulu da ruwan wanke hannu suna biye. Mutum biyu za su je, ɗaya yana duban sama da launin ruwa, kuma da hadari ya haɗo a tashi. Bayan haka a sake lissafi: yiwuwar taɓa ruwa ta koma 2, jimla 8. Illa ba ta sauya ba, domin kwalara tana nan kwalararta.

Wani zai ce ai masu lambun Kwakwaci kullum a ruwan suke. Gaskiya ne, amma su sun san inda rami yake, kuma yawan shiga bai hana su ciwo ba. Wani kuma ya ce makin nan kintace ne. Kintace ne mana, sai dai wanda aka rubuta ana iya yi masa gyara, malami ya duba ya ce 3 ta yi kaɗan. Abin ƙi shi ne kwafo takardar wani. Wadda aka rubuta a Janairu ba ta aiki a Agusta, kuma ta Fagge ba ta isa inda rafin Getsi ya shigo da ruwan masana'antun Bompai ba. A rubuta wuri da kwanan wata a samanta, a sanar da mai unguwa kafin a sauka.