Kafin Ka Je Kebbe Ɗaukar Gwaggo

 Saƙonka ya iso, na kuma karanta shafi uku da ka rubuta kan ɗan bidiyon da kake son yi wa Gwaggo tana saƙar faifai. Niyyar ta yi kyau, Allah Ya yi albarka. Sai dai rubutun naka duk magana ce: abin da za ka faɗa, da abin da kake so ta faɗa. Babu inda ka ce a wane ɗaki za ta zauna, da ƙarfe nawa, kuma me ake ji a unguwar a wannan lokacin. Mai fitila da janareta yana iya rubuta labarinsa a Tambuwal, ya je Kebbe ya tilasta wa ɗaki ya bi shi. Kai da ba ka da komai sai waya, ɗakin ne zai faɗa maka abin da za ka rubuta. Saboda haka ka ajiye shafukan nan tukuna, ka fara da zuwa ganin wurin.

Tagogin gidajenmu na dā ƙanana ne, an yi su don iska da sirri, ba don hoto ba. Babbar tagar da kake da ita a gidan Gwaggo ita ce ƙofar zaure. Ka tsaya ka duba inda ta fuskanta. Idan gabas take kallo, da hantsi rana za ta faɗo ciki kai tsaye, ta ƙone rabin fuska ta bar rabin a duhu, don haka sai ka bari sai bayan azahar. Idan yamma take kallo, hantsi ne lokacinka. Ƙofar kudu da ta arewa kuwa suna tafiya da watanni. A ƙasarmu, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran shekara kuma ta kudu take bi. Ke nan da hunturu ƙofar arewa ba ta ganin rana ido da ido, haskenta mai laushi ne tun safe har yamma. Abin da kake nema ke nan: hasken sarari da ke shigowa, ba ƙwayar ranar ba.

Ka shimfiɗa mata tabarma kamar mita ɗaya daga bakin ƙofar, daidai inda rana ba ta taɓa ƙasa. Kada ta ba ƙofar baya, don waya za ta auna hasken waje ta mayar da ita inuwa baƙa. Ta zauna a karkace, hasken ya zo mata ta gefen gaba, kai kuma ka koma kusa da bangon da ƙofar take. Mita ɗayan nan ba wasa ba ce. In ta matsa ciki zuwa mita biyu, hasken da ke kanta ba rabi zai ragu ba, zai iya komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Za ka gane haske ya gaza idan bangon bayanta ya fara yin yashi-yashi a fuskar waya, ko yatsunta suna barin hazo in ta ja kaba. Da ka ga haka, a matso da tabarma. Idan kuncin da ke nesa da ƙofa ya yi duhu da yawa, wani yaro ya riƙe farin zane ta wannan gefen, daga wajen hoton, ya mayar mata da hasken.

Akwai maganar mayafi, kuma ka yi ta da ladabi tun kwana ɗaya kafin ɗauka. Tsofaffinmu in an ce hoto, fari tas suke ɗaukowa. Waya kuwa in ta ga farin yadi ya cika mata ido, sai ta rage haske don kada ya ƙone, fuskar baƙar fata ta nutse. Ka roƙe ta ta sa shuɗi, ko kore, ko ruwan ƙasa. Sannan ka danna yatsa a kan fuskarta a jikin allon waya, ka riƙe har ya kulle. A wayoyi da yawa za ka ga an rubuta AE/AF Lock. In kyamarar wayarka ba ta da wannan, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana yi. Amfanin kullewar shi ne ko ta ɗaga faifai, ko wani ya gifta ta bakin ƙofa, hoton ba zai riƙa haske da duhu kamar yana numfashi ba.

Yanzu sai sauti, wanda a ganina ya fi hoton hatsari. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma maganar da ba sa ji, wucewa suke yi. Ranar da ka je duba ƙofa, ka zauna a zauren minti goma a daidai lokacin da ka zaɓa, ka yi shiru, ka rubuta duk abin da ya shigo kunnenka. Injin markaɗe na maƙwabta, yaushe ake tayar da shi? 'Yan kabu-kabu suna bi ta lungun? Yaushe 'yan Islamiyya ke tashi, kuma minti nawa ya rage a kira salla? Ranar kasuwa kada ma ka fara. Ba za ka iya kashe ko ɗaya daga cikinsu ba, amma kowanne yana da lokacinsa, kuma tsakaninsu akwai rata. A wannan ratar za ka sa hirar. In gidan yana da zauren ƙasa mai rufin azara da kuma ɗakin siminti mai kwano, ɗauki na ƙasa. Siminti fanko yana maido da murya, kwano kuma yana ƙara in ya sha rana, balle a ce yayyafi ya sauko. In ba makawa sai na simintin, a baza tabarmi, a jingina katifa a bangon da ba ya cikin hoto.

Wayar da ke ɗaukar hoto za ta yi nisa da bakin Gwaggo, kusan mita ɗaya da rabi, muryar tsohuwa kuma ba ta da ƙarfi. Ka ari waya ta biyu, ka buɗe manhajar naɗar murya, ka ɗora ta a kan naɗaɗɗen zane bisa 'yar kujera, kamar kamu ɗaya daga bakinta, ƙasa da inda hoton ya yanke. Kada ka sa ta a cinyarta ko cikin kaba, don motsin yadi kawai za ka kwaso. Idan wayoyin biyu sun fara ɗauka, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto a wajen haɗawa. Duka biyun a sa su a Airplane mode, a kuma kashe fanka ko da ana zafi.

To, ga yadda takardar za ta kasance. Shafi ɗaya ya isa. Ka ja layi ka raba shi gida uku: abin da ido zai gani, abin da kunne zai ji, sai lokaci da inda waya za ta zauna. A ce bidiyon minti ɗaya da rabi ne, ƙofar kuma gabas take kallo. Daƙiƙa 90 ba ta ɗaukar magana fiye da kalma 150 ko kusa da haka in ana so a bar wa hannu wurin yin aiki, shafi ukunka kuwa sun ninka wannan. Layin farko: zauren gaba ɗaya, Gwaggo a zaune da tarin faifai a gefenta, daƙiƙa 6, ba magana sai ƙarar saƙa. Na biyu: daga ƙirji zuwa kai, tana faɗin wanda ya koya mata. Na uku: yatsu da basilla kurkusa, muryarta tana ci gaba a kai. Na huɗu: rinanniyar kaba, ja da kore, tana bayanin yadda ake jiƙa ta kafin ta lanƙwasu. Haka har layi takwas, na ƙarshe faifan da aka gama a kan ƙwarya.

Yadda za a kalla ke nan, amma ba haka za ka ɗauka ba, shi ya sa gida na uku yake da aiki. Hirar duka a yi ta zama ɗaya, da zarar an sauko daga azahar, kafin hasken ya sauya kuma kafin injin ya tashi, hannunta babu kaba don kada ƙarar ta hau kan magana. Bayan nan sai ka matso ka ɗauki hannu, da kaba, da faifai, waɗanda hayaniya ba ta ɓata su. Daga ƙarshe kowa ya yi shiru ka naɗi daƙiƙa 30 na zauren kawai, da wasu 30 na ƙarar saƙa. Da su za ka cike gurbin da yanka ya bari, kada a ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa.

Kada ka rubuta mata abin da za ta faɗa. Da ta fara hadda, Gwaggon da ka sani ta tafi. Tambaya uku kawai za ka rubuta, irin waɗanda ba a amsa su da e ko a'a. Kuma tunda na san za ta ji nauyinka, ka zaunar da jikarta dab da wayar ta yi tambayoyin, idon Gwaggo ya sauka a kanta. Ku ja wa juna kunne kan al'adarmu ta amsa wa babba da "to", "haka ne", "ƙwarai". Ladabi ne, amma yana hawa kan muryarta, kuma ba ya ciruwa. Ku gyaɗa kai kurum, ku gaya mata dalili tun farko don kada ta ga kamar raini ne.

Tsayuwar waya ba ta buƙatar dogon bayani. Gwaggo a ƙasa take, don haka idon kyamara ya sauko daidai idonta. In ka ɗauke ta kana tsaye, za ta fito a ƙanƙance. Kifa turmi, ɗora ɗan buhun gero mudu biyu, ka nutsa gindin wayar a ciki, ba za ta motsa ba. Kyamarar baya za ka yi aiki da ita, ka goge gilashinta, musamman da ƙurar hunturu. Kada ka ja hoto da yatsu biyu, ka ɗauki turmin ka matsa. Kowane ɗauka ka bar shi ya kai daƙiƙa goma ko da uku za ka yi amfani da su. Ka zaɓi tsaye ko kwance tun a takarda, kada ka gauraya. Ka sa 1080p, ka share wuri, don minti ɗaya yana iya cin megabait 100 ko fiye. In bazara ce, cire rigar wayar, zafin Afrilu yana sa ta tsaya da kanta.

Kafin ka naɗe tabarma, sa abin kunne ka saurari hirar tun daga farko har ƙarshe. In akwai gyara, a yi shi Gwaggo tana zaune, don in sai ka koma Tambuwal za ka gano, kuɗin mota ne da wani yinin. Ka nuna mata abin da aka ɗauka, ka nemi yardarta da ta mutanen gida kafin ka sa shi ko'ina.

Ka je ka ga zauren a makon nan, ka rubuto min shafi ɗayan in duba kafin ranar ɗauka. Ka gaishe min da mahaifinka.