Farin Kaya In Ya Dafe: A Fara Duba Ruwan Wanki

A ƙasar Haɗeja ba mu rasa ruwa ba, amma ba kowane ruwa ne ke son farin kaya ba. Da yawa daga cikin rigunan da suka dafe, ruwan da aka wanke su da shi ne ya dafar da su. Saboda haka kafin a ɗora wa sabulu laifi, ko a ruga kanti sayen bilic, a tsaya a gane ciwon tukuna.

Daga watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya malale fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ruwansa laka ce zalla. Lakar nan tana da laushi ƙwarai, tana shiga tsakanin zare ta zauna, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da ita. Wasu rijiyoyin kuma ruwansu na da gartsi. Alamarsa ita ce sabulun sanda ya ƙi kumfa, wani dusa-dusa ya taso a saman baho. Wannan dusar ce ke manne wa yadi tare da dauɗa, har riga ta koma ruwan toka.

Mu ɗauki farin kaftani na auduga da ya sha wankin damina ya yi duhu. Da farko a gyara ruwan. A zuba alif kamar girman ƙwayar gyaɗa cikin bokiti mai lita 20, a motsa, a bar shi awa 2, laka za ta kwanta, sai a tsiyaye na sama. Kada a cika alif, don yana kashe kumfa. Daga nan a jiƙa farar kanwa cokali 2 cikin lita 10 na ruwa mai ɗumi, a bari yashinta ya kwanta, a sake tsiyayewa. Kanwa ce ke karya gartsin ruwa, tana kuma narkar da maiƙon jiki. A sa omo, a tsoma kaftanin ya kwana. Da safe za a ga ruwan ya yi baƙi. A cuɗa wuya da hammata da bakin aljihu, a ɗauraye sau 3 da ruwa mai kyau, a shanya a rana. In dafewar ta shekara ce, sai an maimaita. A wajen ɗauraya ne masu wanki da guga da yawa ke ha'inci: baho ɗaya na ɗauraya, kayan gida biyar.

Rawaya kuwa iri biyu ce, kuma maganin ɗaya dafi ne ga ɗayar. In a wuya da hammata kaɗai take, gumi ne da mai da turare, jiƙon kanwa zai ɗauke ta. In kuwa rigar duka ta yi ja-ja, ko ta yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, to a tuhumi ƙarfen da ke cikin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, ko tsohon durom. Gwajin ba wuya. A cika farin bokiti a bar shi ya kwana a buɗe. In an wayi gari gindinsa ya yi ja, ƙarfe ne. A irin wannan hali bilic ƙara ɓarna yake yi, domin yana mai da ƙarfen tsatsa a jikin zare. Maganinsa tsami ne: a matse lemon tsami a wurin, a barbaɗa gishiri, a ajiye a rana awa 1 ba tare da ya bushe ba, sannan a ɗauraye. Ban da tsamiya, ita tana barin nata launin.

In babu ƙarfe a ruwan, ana iya sa bilic, cokali 2 cikin lita 10, minti 10, a kan auduga kaɗai. Yana cin aikin siliki na wuyan babbar riga, yana mai da farin leshi da yadin roba rawaya wadda ba ta komawa. Kada a taɓa haɗa shi da lemon tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne. Shadda kuma ba a kwanar da ita a jiƙe, sheƙinta zai tafi, sai dai 'yan bugu su maido da wani abu.

Bula ba ta wanke komai, ido kawai take ruɗa, shuɗinta ya danne rawaya. A narkar da ita sarai a ruwan ɗauraya na ƙarshe, in ba haka ba ta yi jirwaye. Kayan da za a adana a akwati har sallah ta zagayo, kada a sa musu sitati, kuma a tabbata sun bushe ƙarau kafin a ninke.