Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan cire muryar lakca daga bidiyo?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, gida kuma Mandera. Ana turo mana bidiyon lakca, ɗaya yakan kai 600 MB, wayata ta cika. Na sauya ƙarshen sunan bidiyon daga .mp4 zuwa .mp3 amma girmansa bai ragu ba. Ina son in riƙa saurare a ƙaramar wayata idan na je hutu gida. Mene ne abin yi?

Amsa: Sauya suna ba ya taɓa abin da ke ciki. Fayil ɗin .mp4 tamkar buhu ne da aka zuba abu biyu, hoto da murya, kuma hoton shi ne ke cinye kusan duk wurin. Kai rubutun jikin buhun kawai ka canza. Abin da kake buƙata shi ne a zare muryar ita kaɗai, sannan a matse ta.

Manhajar da na fi yarda da ita a wannan aiki ita ce FFmpeg. Kyauta ce, kuma da zarar ka girka ta ba ta ƙara cin data. Tana aiki a kwamfuta, tana kuma aiki a wayar Android ta cikin Termux: ka rubuta `pkg install ffmpeg`, sannan `termux-setup-storage` don ta samu izinin ganin fayilolinka. Daga nan ka mayar da ƙarshen sunan bidiyon zuwa .mp4, ka shiga inda yake, ka ba da wannan umarni, kana sa sunan fayil ɗinka a madadin lakca:

```
ffmpeg -i lakca.mp4 -vn -ac 1 -b:a 48k lakca.mp3
```

`-vn` na cewa a bar hoto. `-ac 1` na haɗe muryar kunnen dama da ta hagu ta zama ɗaya, domin malami ɗaya ne ke magana, babu abin da za ka rasa. `-b:a 48k` kuwa shi ne ma'aunin matsewa, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi lissafi.

A kan 128k, wanda da yawan manhajoji ke zaɓar maka da kansu, lakcar awa ɗaya za ta kai kusan 58 MB. A kan 48k ba za ta wuce 22 MB ba. Wato bidiyonka mai 600 MB, in na awa ɗaya ne, gurbin da ya tare zai ɗauki lakca 27. Shi 128k don kiɗa ya dace. Maganar mutum ba ta buƙatar wannan ɓarnar wuri. Sai dai kada son ragi ya sa ka sauka ƙasa da 32k a MP3. Alamar ka wuce gona da iri ita ce muryar ta dusashe tana rawa, harafin "s" da "sh" su cakuɗe, kunne ya gaji tun ba a kai rabin darasi ba.

Wani zai ce maka Opus ya fi, irin wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya. Gaskiya ne, a kan 24k ma magana na fita tangaram, awa ɗaya kusan 11 MB. Amma ka ce a ƙaramar waya za ka saurara, kuma yawancin wayoyi masu maɓalli da rediyon da ake saka wa memori MP3 suka sani. Don haka ka tsaya a kan MP3.

In rubuta umarni bai kwanta maka ba, VLC na kwamfuta na yin aikin: Media, sai Convert / Save, ka ɗora bidiyon, ka zaɓi Audio - MP3. A gefen wannan zaɓi akwai alamar sifana. Nan za ka shiga ka rage Bitrate da Channels.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka goge bidiyo sai ka saka fayil ɗin a wayar da za ka tafi da ita, ka saurari farko, tsakiya da ƙarshe, ka kuma duba ko tsawon mintocin ya yi daidai da na bidiyon. Idan ya gaza, galibi bidiyon ne bai gama sauka ba. Na biyu, ba kowace lakca ce ke jure rabuwa da hoto ba. Tarihi, adabi ko fiƙihu za su tafi sumul. Lissafi kuwa, inda malami ke cewa "ku dubi wannan, a mayar da shi nan", murya kaɗai ba za ta fisshe ka ba. Ka ɗauki hoton allon tukuna, ko ka bar bidiyon yadda yake.

Ka kuma sani wannan dabara wuri take rage maka, datar da ka kashe wajen sauke bidiyon ta riga ta tafi. Saboda haka ku haɗa kai a ajinku: mutum ɗaya ya sauke a Sakkwato, ya matse, sauran ku karɓa ta Bluetooth ko memori. Kafin muryar ta fita daga cikin 'yan aji, ku nemi izinin malamin da ya yi lakcar. Allah ya ba da sa'ar karatu.