Filin Shawarwari: Shin 64 Ta Karya Dokar Murabba'i?



Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a ƙaramar sakandare. An koya mana cewa idan ana so a gane ko lamba cikakken murabba'i ce, wato irin su 9 da 25 da 49 waɗanda ake samu idan an ninka lamba da kanta, sai a farfasa ta, a duba 'yan ƙananan lambobin da ke bisa. In duk cika ne, murabba'i ce. In aka samu mara ko guda ɗaya, to ba ita ba ce. Na haddace dokar, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin 64 daidai take da 4³, kuma 3 mara ce, alhali kowa ya san 8 sau 8 shi ne 64.

Sannan a gwajin da ya wuce an ce mu nemo mafi ƙanƙantar lambar da za a ninka 360 da ita ta zama murabba'i. Na ce 360 = 9 × 40, tunda 9 murabba'i ce sai na rubuta 40. Na duba, 360 × 40 = 14,400, wato 120 sau 120, amma aka ci ni. Malam, ina kuskuren yake? Kuma me ya sa dole sai cika?

Ɗiyarka, daga Funtuwa.

To, 'yata. Allah ya yi miki albarka.

Tambayoyinki biyu ciwo ɗaya ne ke damun su: kin tsaya da farfasawa tun ba ki kai ƙarshe ba. Dokar ba ta magana a kan kowace lamba da aka ɗora wa wata a bisa. Tana magana ne a kan lambobin firam kaɗai, wato waɗanda suka haura 1 kuma babu mai raba su sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Ita 4 ba ta cikinsu, don 2 × 2 ce. Idan kika buɗe 4 ɗin nan guda uku za ki ga 2 har guda shida, wato 64 = 2⁶, kuma 6 cika ce. Ashe 64 ba ta karya komai ba.

Yanzu ga dalilin dokar. Ɗauki 60, ki farfasa ta: 2 × 2 × 3 × 5. Idan kika ninka 60 da kanta, kin rubuta wannan jerin sau biyu ke nan. Inda 2 ta fito sau biyu yanzu za ta fito sau huɗu, 3 da ta fito sau ɗaya za ta fito sau biyu, haka ma 5. Saboda haka 3,600 = 2⁴ × 3² × 5². Ba 60 ce kaɗai ke haka ba. Kowace lamba kika ninka da kanta, adadin kowace firam da ke cikinta zai ruɓanya, kuma duk abin da aka ruɓanya cika yake zama. Kamar mai yi wa tagwaye sayayyar sallah ne: duk abin da aka saya wa Hassan sai an saya wa Usaini irinsa, don haka in kin ƙirga huluna a jakar kika samu uku, kin san lissafin bai yi ba.

Amma akwai wani gurbi da mai kaifin hankali zai hango. Wa ya ce idan aka bi ta wata hanya daban wajen farfasa 3,600 ba za a samu wani jerin ba, mai mara a ciki? Gwada ki gani. Fara da 36 × 100, ko ki fara da 8 × 450. Duk inda kika bi, ƙarshenta 2 guda huɗu, 3 guda biyu, 5 guda biyu za ki tarar. Kowace lamba da ta haura 1 jerin firam ɗaya tak take da shi. Tushen wannan yana cikin littafin Yuklid, masanin lissafin da ya zauna a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Bajamushen nan Gauss ya kawo cikakkiyar hujjarsa a littafinsa na 1801. Ginshiƙin maganar shi ne: idan firam ta raba sakamakon ninka lambobi biyu, to lalle ta raba ɗaya daga cikinsu.

Dubi yadda wannan ke aiki a kan 360. A ce akwai wata lamba da in an ninka ta da kanta za ta ba da 360. Tunda 5 ta raba 360, dole ta raba lambar nan. In kuwa ta raba ta, to 5 za ta fito sau biyu ke nan, 25 ta raba 360. Amma 25 ta shiga 360 sau 14 ne, saura 10. Maganar ta rushe, babu wannan lamba. Ita kuwa 4 ba ta da wannan hali: ta raba 6 × 6, wato 36, amma ba ta raba 6 ba, domin ta tsinci 2 ɗaya a nan, ɗaya a can. Abin da ya sa ba a ƙirga da ita ke nan.

Sai tambayar gwajinki. 360 = 2³ × 3² × 5. Ita 3 ta cika. Ita 2 tana da guda uku, ɗaya ba ta da abokiya. Ita 5 lambar da ke bisanta 1 ce ko da ba a rubuta ba, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zamewa. To abin da ya rage a ƙaro shi ne 2 guda ɗaya da 5 guda ɗaya, wato 10. 360 × 10 = 3,600, wadda muka riga muka gani 60 sau 60 ce. Amsarki ta 40 ta ba da murabba'i, babu shakka, sai dai a cikin 40 akwai 4 da ke ɓoye, wadda ita ma murabba'i ce, kin ƙaro ta ba tare da ana bukatarta ba. An ce mafi ƙanƙanta, shi ya sa aka ci ki.

Dokar tana tafiya ta ɗaya gefen ma. In kin tarar duk cika ne, raba kowace lambar bisa gida biyu, tushen ya fito. Misali 1,764 = 2² × 3² × 7², tushenta 2 × 3 × 7, wato 42.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kada ki yi saurin yanke cewa ragowar da kika samu firam ce. Ɗauki 1,156. Kin raba da 2 sau biyu kin samu 289. Kin gwada 3, 5, 7, 11, 13, babu wadda ta shiga, sai ki ce firam ce, ki yanke cewa 1,156 ba murabba'i ba ce. Alhali 289 ita ce 17 × 17, kuma 1,156 ita ce 34 × 34. Ƙa'idar ita ce ki ci gaba da gwada firam ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsaya sai kin iso wadda in aka ninka ta da kanta za ta haura ragowar. Da 13 kina kan 169 ne, ba ki kai 289 ba, saboda haka da sauran aiki.

Ga na gwaji: nemo mafi ƙanƙantar lambar da za ki ninka 504 da ita ta zama murabba'i. In kin yi daidai, tushen abin da kika samu zai zama 84. Ki gaida mutanen gida.