Tsarin Darasin Bidiyo: Juya Tamma Zuwa Dala Da Ka

A wannan fitowa mun kawo tsarin wani ɗan darasi na bidiyo, wanda malamin da ke koya wa yaranmu lissafi zai ɗauka da wayar salula, a riƙa tura wa juna. Tsawonsa kada ya wuce minti uku.

Dalilin darasin shi ne wani abu da ya taɓa samunmu. Mun aiki yaronmu ya yi lodin shanu 20. Mai mota ya ce masa ɗari shida kowane kai, wato dala 600, kamar yadda muke faɗar kuɗi a baki. Yaro ya biya jika uku-uku daidai, amma a littafi ya rubuta 600. Da muka zo lissafi, littafi ya ce 12,000, alhali abin da ya fita daga jaka 60,000 ne. Jika 48 ba a gan su ba. Saura kaɗan mu kira yaron kirki ɓarawo. To, kun ga matsalar: baki yana ƙirga dala, takarda da waya kuwa tamma suke rubutawa, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. 'Yan uwanmu na Cadi ma haka suke ƙirga riyal, don haka darasin zai yi musu aiki.

Sharaɗinmu ga Malam guda ne: a fara nuna dabara, bayani ya biyo baya. Bafatake ba ya tsayawa sauraron dalilin abin da bai ga amfaninsa ba. In ya ga amsa ta fito kafin ya gama laluben na'urar lissafi, shi da kansa zai ce, "Yaya aka yi haka?" A nan kunnensa yake buɗewa.

Kayan aiki: allo baƙi, alli, tabarma, da sulalla biyar na tamma 10, waɗanda muke kira dala biyu. A samu yaro guda mai riƙe da na'urar lissafi. A rubuta lambobi manya, don a fuskar waya komai ƙanƙancewa yake yi.

Kashi na ɗaya: nuni (daƙiƙa 30)

Waya tana kallon allo. An riga an rubuta 3,750. Ban da doguwar gaisuwa, sallama ta isa.

Malam: "Ga abin da takarda ta ce, tamma 3,750. Dala nawa ke nan? Yaro, danna na'urarka, ni kuma zan yi da ka."

Kafin yaro ya gama dannawa, Malam ya ce: "Dala 750." Yaro ya juyo da na'ura a ga 750. Malam ya yi shiru kamar numfashi biyu. Shirun nan kada a yanke shi, nan ne mai kallo yake mamaki.

Kashi na biyu: dabarar (daƙiƙa 50)

Malam: "Ga abin da na yi. Ninka biyu, ka yar da sifili. 3,750 sau biyu, 7,500. Na goge sifilin ƙarshe, saura 750."

Ya goge sifilin da yatsa a gaban waya, a gani. Sannan ya juya hanya.

Malam: "In kuma baki ne ya faɗa, kana son ka rubuta, sai ka koma da baya. Raba biyu, ka ƙara sifili. An ce maka dala 460. Rabinsa 230. Ƙara sifili, tamma 2,300. Shi za ka sa a littafi."

Sai ya ba masu kallo nasu: "Tamma 1,250, dala nawa? Ku tsayar da bidiyo ku gwada." Ya jira kaɗan, ya rubuta 2,500, ya goge sifili, ya bar 250.

Kashi na uku: dalili (minti ɗaya)

Yanzu waya ta sauko kan tabarma. Malam ya jera sulallan nan biyar.

Malam: "Wannan sule, me aka rubuta a kansa? Goma. Mu kuma me muke ce masa? Dala biyu. To, sirrin ke nan gaba ɗaya: kowace goma dala biyu ce a cikinta."

Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa: biyu, huɗu, shida, takwas, goma.

Malam: "Tamma 50 ce a nan. In na goge sifilin 50, saura 5. Wannan biyar ɗin ba komai ba ne illa yawan sulallan da ke kan tabarma. Ashe goge sifili ƙirga goma-goma ne. Na ninka biyu, domin kowane sule dala biyu ne. Dala goma ke nan, kuma kowa ya san hamsin dala goma ce."

Sai waya ta koma kan allo.

Malam: "Haka 3,750 take. Tamkar an zube maka sulalla 375 na goma-goma. Kowanne dala biyu, 750. Ko ka fara goge sifili, ko ka fara ninkawa, wuri ɗaya za ka sauka."

Muna roƙon Malam kada ya tsallake sulallan nan don gudun tsawo. Wanda ya haddace "ninka, goge" ba tare da dalili ba, ranar kasuwa cikin hayaniya zai rikita wanne ne ninki, wanne ne rabi. Wanda ya tuna da sulen dala biyu kuwa zai iya sake gano hanyar da kansa.

Kashi na huɗu: wuraren tuntuɓe (daƙiƙa 40)

Malam: "In dala ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 75, kada ka tsaya kokawa da rabi. Fara ƙara sifili, 750, sannan ka raba, tamma 375."

"In tamma ta ƙare da biyar, kamar 125, kada ka nemi sifili tun farko. Ninka tukuna, 250, ga sifili ya fito, dala 25. In ka ninka sifili bai fito ba, to kuɗin bai cika dala cif ba, akwai 'yan tamma a kai, ko kuwa ka yi kuskure a ninki. Sake dubawa."

"Ga ma'auni: lambar dala kullum ta fi ta tamma ƙanƙanta. Kuma jika ɗaya dala 200 ce. A 3,750 akwai jika uku, wato dala 600, da ɗoriya. Amsarmu 750 ta zauna daidai. In ka samu 75 ko 7,500, sifili ne ya ɓace ko ya yi yawa."

Rufewa: Malam ya rubuta dala 600, ya ce, "Wannan naku ne. Tamma nawa za ku sa a littafi?" Kada ya faɗi amsa. A kashe waya a nan.

Ga shawara ta ƙarshe ga masu littafi. Kowace lamba aka rubuta, a sa mata suna a gefe, tamma ko dala, kuma littafi guda ya tsaya a kan ɗaya. Wanda ya gwada darasin da yaransa ya sanar da mu inda suka cije, mu gyara. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.