Awon ƙwai a girki: babba, ƙarami da rabi

Takardun koyon yin gato sukan ce a sa ƙwai huɗu, amma ba su faɗin girmansa. Nufinsu babban ƙwai na kajin gidan gona. Ƙwan zabo da na kazar gida ba su kai shi ba. Saboda haka a auna ruwan ƙwan, kada a dogara ga ƙirga kawai.

Babban ƙwai ɗaya, in an kaɗa shi, yakan cika babban cokali 3. Ƙaramin ƙwai yakan cika cokali 2. Ke nan ƙanana 3 suna madadin manya 2. Gaton da ke son manya 4 sai a sa masa ƙwan zabo 6.

In ana son rabin ƙwai, a kaɗa babba ɗaya har fari da gwaiduwa su haɗe, sannan a ɗebi cokali ɗaya da rabi. Sauran a soya shi nan take, don zafi yana ɓata shi.

In za a ninka gaton nan sau 5 don taron suna, ana bukatar manya 20 ko ƙanana 30, wato kimanin lita ɗaya. A fasa kowane ƙwai a ƙoƙo dabam, kada bara-gurbi ɗaya ya lalata duka.

In ƙwai ya kasa, gato yakan marmashe. In ya yi yawa, sai ya yi danƙo da ƙarni.

Aiki: ƙwan zabo nawa ne madadin manya 6?