Saƙon da ke rakiyar inbois: abin da na koya a Unguwar Ya

Hutun da ya wuce na yi shi ne a Unguwar Ya, ina riƙe wa kawuna lissafi a wani gida mai ɗaki uku da yake ginawa. Mai gidan ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, Kano, kuma ba ya leƙo ginin sai jefi-jefi. Duk abin da ya sani game da aikin, ta waya yake saninsa.

Jimillar kwangilar naira 9,600,000 ce, an raba biyan zango huɗu: fandisho, bango zuwa linta, rufi, sai filasta da ƙofofi. Tun farko ya ba da kafin alƙalami na 1,200,000, aka yi yarjejeniya a riƙa cire 300,000 a kowane zango, sannan ya riƙe kashi 5 cikin ɗari har a miƙa masa mabuɗi.

Da aka zuba linta sai Kawu ya ce in tura takardar neman biya, wato inbois. Na tura ta WhatsApp da wannan rakiya: "Salam Alhaji, ga inbois na biyu. A taimaka a turo da wuri, ma'aikata na jira."

Shiru har kwana tara. Birkiloli na bin mu bashi, mai bulo na kira, ga damina ta kawo kai babu kwano a sama. Da Kawu ya kira shi, sai ya ce shi a takardarsa zango na biyu 2,800,000 ne, mu kuma mun rubuta 2,450,000. Bai gane ba, shi ya sa ya ajiye maganar sai ya zo da kansa. Ku lura, ƙasa da abin da yake zato muka nema, amma duk da haka ya tsaya. Adadin da mutum bai san daga ina ya fito ba, ko kaɗan ne, ba ya biyansa.

Lissafinmu daidai yake. Saƙona ne ya yi maganar matsalarmu, bai ce komai kan ginin ko kuɗin ba. Ga yadda na sake shi:

"Assalamu alaikum Alhaji. An kammala zango na biyu na yarjejeniyarmu, wato bango zuwa linta, a ɗakuna uku da falo. Ga hotuna shida na ranar da aka cire katako. Kuɗin zangon 2,800,000 ne. An cire 300,000 na kafin alƙalami da 140,000 na kashi 5 da kuke riƙewa, saura 2,360,000. Akwai ƙarin tagogi biyu da kuka ce a buɗe, 90,000, ba sa cikin yarjejeniya. Abin biya yanzu: naira 2,450,000, kamar yadda yake a inbois mai lamba 2. In ya shigo zuwa Alhamis, kafinta zai hau rufi Asabar."

Jimlar farko ta fi ba ni wahala. Da fari na rubuta yawan buhunan siminti da rodin da aka kashe, don ya ga mun sha aiki. Kawu ya ce, "Goge, ɗana. Ba siminti ya saya a wajenmu ba, linta ya saya." Gaskiyarsa. A kwangilar da ake biya zango-zango, kaiwa zangon ne ke sa kuɗi su zama na biya, ba yawan kayan da aka kashe ba. Don haka na ɗauko kalmomin yarjejeniyar yadda suke, "bango zuwa linta", don in ya buɗe tasa takardar ya ga layin nan take. Da na ce "gini ya yi nisa", da babu layin da zai ɗora yatsa a kai.

Tagogin nan kuma da gangan na ware su. In ka cusa ƙarin aiki cikin kuɗin zango, ko da mai aikin ya manta ya ba da umarni, gardamar 90,000 sai ta riƙe maka sama da miliyan biyu. A ware, zai iya biyan wanda ba shi da ja a kai.

Wani abu da na so in ɓoye: lintar ƙofar kicin ba a cire mata katako ba, don a ƙarshe aka zuba ta. Na ƙara layi ɗaya na faɗa. Ai da ya aiko ƙanensa daga Birnin Kudu ya gani, da kalmar "an kammala" ta zube, har ta zangon gaba.

Kafin in tura, na ba wata ƙanwata ta karanta ba tare da ta buɗe inbois ɗin ba, na tambaye ta me aka gama, nawa za a biya, kuma yaushe. Ta amsa duka ukun. Sannan na gwada adadin saƙon da na inbois, sifili bayan sifili.

Alat ya shigo Laraba da yamma, 2,360,000. Na tagogin ya ce sai ya zo ya gani.